Naira 50 na amince da ita, naira 24,500 aka kwasa: zare kan biyan wata-wata

1/
Jama'a, yau zan tona asirin kaina. Wata bakwai ana cire kuɗi daga asusun mahaifiyata a Birnin Gwari, har ta daina gaisawa da mai POS ɗin unguwarmu don zargin shi ne ɓarawon. Ashe ni ne na buɗe ƙofar da hannuna, ina zaune a hostal a Zariya. Ku biyo ni, don wataƙila yanzu haka ana yi wa naku iyayen. Zare ne mai tsawo 🧵

2/
Farkon abin: watan Fabrairu ƙanwata tana shirin JAMB. Na ga tallar wata manhaja ta tambayoyin jarrabawa, wai gwaji na kwana 7 a kan naira 50 kacal. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ita kaɗai ke wannan aikin ba, kuma tsarin nake so mu kama, ba mutum ɗaya ba. Katina ya lalace a lokacin, sai na kira gida na ce a karanto min lambobin katin Umma.

3/
Aka karanto lamba 16 na gaban kati, ranar ƙarewa, da lamba 3 na baya. Na sa PIN, banki ya turo OTP wayar Umma, ƙanwata ta hau tudu ta nemo sabis ta karanto min. Naira 50 ta fita ranar 12 ga Fabrairu. Umma ta ce, "Hamsin dai ko?" Na ce, "Hamsin ce kawai, Umma." Wallahi a lokacin abin da na sani ke nan. Kuma ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne fa, aji uku.

4/
Ga abin da takardar bayanin asusun ta nuna daga baya:
12 Fabrairu: ₦50
19 Fabrairu: ₦3,500
19 Maris: ₦3,500
19 Afrilu: ₦3,500
19 Mayu: ₦3,500
23 Yuni: ₦3,500
19 Yuli: ₦3,500
19 Agusta: ₦3,500
Sau bakwai, ₦24,500. Babu PIN ko sau ɗaya, babu OTP. Ƙanwata ta rubuta jarrabawarta tun Afrilu, ta goge manhajar, ta manta da ita.

5/
Tambayar da kowa ke yi ita ce wadda Umma ta yi min: "Ta yaya za a ciri kuɗina, kati yana cikin jakata, lambar sirri tana cikin kaina?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba tsafi ba ce, ba kutse ba ne. Haka aka gina tsarin, da gangan, kuma a rubuce yake ga duk mai son karantawa. Bari in warware shi daki-daki.

6/
Idan ka biya kuɗi da kati a intanet, mutum huɗu ne a cinikin: kai, mai sayarwa, kamfanin da ke karɓar masa kuɗi, da bankinka. Mai sayarwa ba ya taɓa katinka kai tsaye. Kamfanin tsakiya ne ke ɗaukar lambobin, ya kai wa banki ta hanyar Verve, Mastercard ko Visa. A karon farko banki yana so ya tabbatar kai ne, shi ya sa ake neman PIN da OTP.

7/
To a nan ne gizo ke saƙa. Idan wannan biyan na farko ya wuce, kamfanin tsakiya ba ya zubar da bayanan katin. Yana adana su a wurinsa, sai ya ba mai sayarwa wata lamba ta daban da ke wakiltar katin. Ku ɗauke ta kamar an yanka wa mutum sifiyar makullin ɗakinka. Ba shi da asalin makullin, amma sifiyar tana buɗe ƙofa.

8/
Don kada ku ce na ƙirƙira: ku duba littafin jagora na Paystack, a buɗe yake ga kowa. Na kawo su ne don bayaninsu ya fi fitowa fili, ba su ne a cikin labarina ba, kuma sauran kamfanonin ma da irin wannan suke aiki. Bayan biyan farko, cikin abin da mai sayarwa ke samu akwai wannan:

```
"authorization_code": "AUTH_xxxxxxxx",
"last4": "1234",
"reusable": true
```

9/
Layin farko shi ne sifiyar makullin. Na biyu lambobi huɗu na ƙarshen katinka ne. Layi na uku kuwa, `reusable: true`, ma'anarsa ana iya sake amfani da wannan izinin. Ke nan naira 50 ɗin nan ba kuɗin gwaji ba ce a zahiri. Kuɗin yanka makulli ce. Aikinta shi ne ta sa ka shigar da PIN da OTP sau ɗaya, a tabbatar katin yana raye kuma naka ne.

10/
Ranar cire kuɗi idan ta zo, ba mutum ne ke zama ya danna ba. Kwamfutar mai sayarwa ce ke aika saƙo irin wannan, ko da ƙarfe biyun dare ne:

```
POST /transaction/charge_authorization
{ "authorization_code": "AUTH_xxxxxxxx",
  "email": "...",
  "amount": 350000 }
```

Abu uku kawai: makulli, imel, da adadi. Adadin da kwabo ake rubuta shi, 350000 ita ce ₦3,500.

11/
Ku sake kallon saƙon nan da kyau. Ina wurin PIN? Babu. Ina wurin OTP? Babu. Wa ke rubuta adadin? Mai sayarwa. Wa ke zaɓar ranar? Mai sayarwa. Ita lambar makullin ba ta ɗauke da "naira 50 kawai" ko "sau ɗaya kawai" a jikinta. Abin da ke taƙaita shi shi ne yarjejeniyar da ke tsakaninku da dokokin kamfanonin kati, ba ita lambar ba.

12/
Banki kuma me ya sa ya yarda? Don a tsarin kati an raba biya gida biyu: wanda mai kati ya tayar da kansa, da wanda mai sayarwa ya tayar bisa izinin da aka ba shi a baya. Na biyun ba a tsammanin kana wurin, saboda haka yawanci ba a neman shaidarka. Abin da banki ke dubawa: katin yana aiki? Akwai kuɗi? In amsa e ce, kuɗi sun tafi.

13/
Daga nan za ku fahimci abubuwa uku da mutanenmu ke yi suna zaton sun tsira, alhali ba su tsira ba.
Na ɗaya: goge manhaja daga waya. Ba ya hana komai. Makullin ba a wayarka yake ba, yana kwamfutarsu.
Na biyu: canza PIN. Shi ma a banza, don ba a tambayar PIN a wannan hanyar. Umma ta canza sau biyu, kuɗi bai fasa fita ba.

14/
Na uku: kwashe kuɗi a bar asusu wayam. Wannan jinkiri ne kawai. Ku koma kan jerin da na kawo, ku dubi Yuni. Me ya sa 23 ba 19 ba? Don ranar 19 babu kuɗi a asusun, an kwashe an sayi taki. Suka gwada, bai wuce ba. Suka sake gwadawa. Ranar 23 Yayana ya turo kuɗin cefane daga Kaduna da safe, kafin la'asar ₦3,500 ta yi fuka-fuki.

15/
Na san haka ne don daga baya na buɗe wani tsohon imel ɗina, wanda na yi rajistar da shi, na tarar da saƙonninsu jere: biya bai wuce ba, za mu sake gwadawa. Wato kwamfuta tana tsaye a bakin asusun tsohuwa kamar mai jiran bashi a ƙofar gida, duk abin da ya shigo ita ce ta farko. Ba ta gajiya, ba ta kunya, ba ta san ana cikin watan bazara mai wuya ba.

16/
Yanzu ga inda abin ya fi min ciwo. Alat ɗin da ke zuwa wayar Umma yana farawa da `POS/WEB`, haka bankinta ke rubuta duk sayayyar kati, ko a na'ura ko a intanet. Wani ɗan maƙwabta ya karanta mata, ya ce "POS ne aka rubuta." Shi ke nan. Wurin wa take cire kuɗi? Wurin yaro ɗaya, ɗan ƙawarta, wanda ta yi wa goyo yana jariri.

17/
Ba ta kai shi wurin mai unguwa ba, ba ta yi masa faɗa ba. Ta daina zuwa shagonsa kawai, ta daina amsa gaisuwarsa da sakin fuska. A gari irin namu wannan ya ishi magana ta zaga. Wasu mata biyu ma suka daina ba shi katinsu. Yaro yana neman halaliyarsa da jarin da bai kai ya kawo ba, sunansa ya ɓaci a kan abin da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

18/
Da na je hutu a Satumba ta ba ni labari. Na karɓi wayar, na jera saƙonnin. Adadi ɗaya, rana ɗaya a kowane wata, kuma kafin su duka akwai wata 'yar naira 50. Gabana ya faɗi. Na ce, "Umma, ba shi ba ne. Ni ne." Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To tashi mu je, da bakinka za ka gaya masa." Na je, na durƙusa. Ya yafe, amma ni har yau nauyinsa nake ji.

19/
Ku riƙe wannan, zai raba ku da zargin bayin Allah. Cire kuɗi a na'urar POS yana buƙatar katin a hannu da PIN, kuma adadin yakan bambanta. Biyan wata-wata kuwa yana da alamu: adadi ɗaya tak, kusan rana ɗaya kowane wata ko mako, babu OTP, sunan wani kamfani a ƙarshen bayanin, sannan in ka koma baya za ka tarar da wata ƙaramar cira ta 50 ko 100 da ta buɗe hanya.

20/
Na san masu cewa, "Ai laifinka ne, kai ka danna `Agree`." E, na danna. Na ɗauki nawa kason, har durƙuso na yi a kansa. Na koma shafin na duba: ₦50 an rubuta ta da manyan baƙaƙe a kan maɓalli mai launi, ₦3,500 kuma tana can ƙasa da rubutu ƙanana masu ruwan toka. Wanda ya tsara shafin nan ya san abin da yake so in gani, ya san abin da yake so ya wuce ni.

21/
Amma a bar ni ni. A ce ma na karanta, na yarda. Yardar da na yi a Fabrairu ita ce yardar Agusta? A kasuwar Birnin Gwari in ka sayi kwano ɗaya na masara wurin mutum yau, hakan ya ba shi damar shiga rumbunka duk wata ya auni kuɗin kwano, don ba ka aiko ka ce ya daina ba? Ko yaro ya san wannan ba ciniki ba ne. A intanet ne kaɗai aka mayar da shirunka ya zama sa hannunka.

22/
Ga kuma babbar hujjata. Wannan tsarin an gina shi ne a kan zaton cewa mai kati yana da abu uku: yana da sabis kullum, yana karanta imel da Turanci, kuma banki yana kusa da shi. In yana da ukun nan, zai ga sanarwa, ya soke cikin minti biyu. To ku zo mu auna wannan zaton da ƙasar Birnin Gwari.

23/
Kun tuna ƙarshen Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin Kaduna ta sa aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar saboda 'yan bindigar daji? Muna ciki. Sai wajen ƙarshen Nuwamba aka sanar da buɗewa. Kusan wata biyu ba kira, ba saƙo, ba data. Ina sakandare a lokacin, na ga mutane suna ba direbobi wasiƙa kamar zamanin kakanninmu.

24/
Yanzu ku yi tunani: mutumin da ke da irin wannan rajistar a wancan lokacin. Ba zai iya sokewa ba, don sokewa tana buƙatar intanet. Ba zai ga alat ba, don alat yana buƙatar sabis. Amma cirewa fa? Cirewa ba ta buƙatar wayarsa ko kaɗan. Magana ce tsakanin kwamfuta da kwamfuta a Legas. Hanyar fitar kuɗinka a buɗe, hanyar cewa "a'a" a toshe. Wannan shi ne rashin adalcin, a taƙaice.

25/
Kuma ba sai an rufe layi ba. A ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku, har yanzu akwai inda sai an hau dutse ko an taka zuwa wani gari kafin waya ta kama. Manomi yana gona tun asuba, wayarsa 'yar ƙarama ce mai maɓalli, saƙonni sukan zo a dunƙule bayan kwana biyu. Ya sayar da amfanin gona, kuɗi ya shiga asusu sau ɗaya a shekara. Shi ne aka ɗora wa aikin gadin asusu dare da rana?

26/
Su kuma masu cewa "ai sauƙi ne ga kwastoma," ban musa ba. Akwai wanda yake so a riƙa cire masa kuɗin kallo ko na ajiyar hotuna ba tare da an dame shi ba, kuma haƙƙinsa ne. Ba cewa nake a haramta ba. Cewa nake: in dai don sauƙina ne, me ya sa shiga dannawa ɗaya ce, fita kuma sai na yi yawo? Ni sai da na wuce shafi huɗu, kowanne yana roƙona in tsaya, kafin na ga maɓallin sokewa.

27/
Gaskiyar da ba a son faɗa: wani kaso na ribar irin waɗannan kamfanoni daga mantuwa yake fitowa. Daga Mayu zuwa Agusta ba wanda ya buɗe manhajar nan ko sau ɗaya, kuma su sun sani, don kwamfutarsu tana rubuta ranar da aka shiga ta ƙarshe. Sun san JAMB ta wuce. Wata huɗu, ₦14,000, a kan hidimar da suka san ba a amfana da ita. Wannan ba sauƙi ba ne, kiwon mantuwa ne.

28/
Kada wani ya ce ba yadda za a yi. Indiya ta yi. Tun 1 ga Oktoba 2021 babban bankinsu ya wajabta cewa kafin a ciri irin wannan kuɗin daga kati, sai an sanar da mai kati aƙalla awa 24 kafin lokacin, da damar ya ce a'a. In adadin ya wuce wani iyaka, sai ya sake tabbatarwa da kansa. Iyakar ta fara da rupi 5,000, a 2022 aka ɗaga zuwa 15,000. Kamfanoni sun yi ƙorafi, amma kasuwa ba ta mutu ba.

29/
Ita kanta Visa tun Afrilun 2020 dokarta ta ce mai ba da gwaji ya tunatar da mutum kafin ya fara cajin cikakken kuɗi, ya kuma samar da hanyar sokewa mai sauƙi a intanet. Madalla. Amma tunatarwar ta imel ce galibi. Imel ga Umma? Dokar da ta cika a takarda, ta kasa isa hannun mai kuɗin, wa ta kare?

30/
A nan gida ma muna da misali, a ɓangaren waya. Kun tuna yadda ake zaftare mana kati da waƙar kira da saƙonnin wasanni da ba mu san ranar da muka shiga ba? Da koke ya yi yawa NCC ta kawo 2442, ka tura `STOP` a daina turo maka tallar da ba ka nema ba. Akwai `*305#` na dakatar da irin waɗannan hidimomin, da 622 na kai ƙara kyauta. Duk suna aiki a ƙaramar waya, ba sai da data ba.

31/
To tambayata ga CBN da bankunanmu: in an iya yi wa katin waya, me ya hana katin banki? Abu uku nake nema, ba su da yawa.
Na ɗaya: saƙon tes awa 24 kafin kowace cira, daga banki, kyauta, da harshen da mai asusu ya zaɓa. "Gobe kamfani kaza zai ciri ₦3,500. Tura 1 don hanawa." Bankunan da ke iya yin talla da Hausa a rediyo sun iya rubuta wannan jimlar.

32/
Na biyu: lamba guda ta USSD da mutum zai danna ya ga jerin duk waɗanda ke riƙe da makullin katinsa, ya kashe wanda ya ga dama. Yau in ka tambayi mai asusu mutum nawa ne ke iya cirar kuɗinsa ba tare da shi ba, bai sani ba. Ni da nake karanta abin a jami'a, da na bincika nawa katin na tarar da uku. Biyu na manta da su sam.

33/
Na uku: izini ya zama mai iyaka da wa'adi. In na amince da ₦50, a ɗaure makullin a kan ₦50. In za a koma ₦3,500, a sake turo OTP, don sabon ciniki ne. Kuma in mutum ya yi wata biyu bai taɓa hidimar ba, a dakata a tambaye shi. Kamfanin da ya yarda da ingancin kayansa ba zai ji tsoron tambayar "har yanzu kana so?" ba.

34/
Kafin su farka, ga abin da na yi, bi da bi, ko zai yi wa wani amfani.
Na farko, na nemi takardar bayanin asusu ta wata takwas, na ja layi a ƙarƙashin duk adadin da ya maimaitu. Na biyu, na shiga shafin kamfanin da imel ɗin da aka yi rajista da shi, na soke, na ɗauki hoton shafin da ke nuna an soke da kwanan wata. Hoton nan shi ne makaminka, kada ka raina shi.

35/
Dalili: in aka sake cira bayan ka soke, kana da haƙƙin kai ƙara bankinka a dawo da kuɗin, don dokokin kati sun tanadi wannan. A tsarin Visa wa'adin kwana 120 ne, don haka ba a zama a kai. Amma kuɗin da aka cira kafin ka soke, banki zai ce da izini aka yi. Haka aka gaya mana. Na rubuta wa kamfanin sau uku, suka dawo da na wata ɗaya, ₦3,500. Sauran ₦21,000 sun tafi.

36/
Na uku, mun toshe katin gaba ɗaya aka yi sabo. Toshe kati yakan kashe makullin, don makullin a jikin wancan katin yake. Sai dai reshen bankin Umma yana Kaduna, tafiyar kusan kilomita 120 ta Udawa da Buruku, kuma kun san tarihin wannan hanyar. Kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu, da kuɗin sabon kati, da yini guda ba sana'a. Maganin ya kusa kamo cutar a tsada.

37/
A kula da wani tarko. Akwai izinin da ba a jikin kati yake ba, a jikin asusun kansa yake, irin wanda masu ba da bashi ta waya suka fi so. Shi ma sau da yawa da tura 'yar naira 50 ake kunna shi. Wannan ko ka canza kati goma yana nan daram. Sai ka je banki ka ce a soke izinin cira kai tsaye da ke kan asusun. Kuma in bashi ne na gaske a kanka, sokewar ba ta goge shi, ka biya.

38/
In banki ya yi biris da kokenka: ka tabbata ka shigar a rubuce, an ba ka lambar koke. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, ka kai sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN. In kamfanin ne ya yaudare ka da talla, akwai FCCPC. Na san wasu za su ce ɓata lokaci ne. Amma shirunmu ne jarinsu. Koken da ba a rubuta ba, a lissafinsu bai faru ba.

39/
Ga 'yan uwana ɗalibai, mu da ake kira "ɗan boko, zo ka duba min wayar nan": mu ne ƙofar. Katin Baba, katin Umma, katin Kawu, duk ta hannunmu suke shiga intanet. Kada ka sa katin da kuɗin taki ko na adashe ke ciki a kowane shafi. Ka ware wani asusu daban mai ɗan canji. In ka ga "gwaji kyauta" amma ana neman lambar kati, ka tambayi kanka: in kyauta ne, me za a yi da katin?

40/
Kuma in ka shiga, ka soke a ranar, ba sai gwajin ya ƙare ba. A yawancin manhajoji kwanakin gwajinka suna nan ko ka soke. In ba haka ba, ka sa ƙararrawa a waya kwana biyu kafin wa'adi. Sannan ka yi rajista da imel ɗin da kake buɗewa kullum, ba wanda ka buɗe don cike fom a aji uku na sakandare ba. Ni wannan ne ya ci ni.

41/
Tun da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024, kuɗi sun fara yawo a garin, kuma da yawansu ta asusu da POS suke bi, don kowa ya san haɗarin ɗaukar tsaba a hanya. An ce mana mu bar ajiya a ƙarƙashin katifa mu kai banki, mun kai. To amanar da muka bayar a riƙe ta. Umma yanzu cewa take gara ta sayi akuya, "ita in za ta fita sai na ji kukanta." Ban da amsar da zan ba ta.

42/
Na biya ta ₦21,000 ɗin daga kuɗin makarantata, kaɗan-kaɗan, ta ƙi karɓa sau biyu kafin ta karɓa. Ta koma cire kuɗi wurin yaron, har ta kai masa ƙuli-ƙuli. Abin da ya rage shi ne naku: yau da daddare ku karɓi wayar iyayenku, ku koma baya wata shida a saƙonnin banki, ku nemi adadin da ke maimaita kansa. Wanda ya tarar da wani abu ya ajiye a ƙasa, adadi da watanni kawai, ban da lambar asusu. Ina so mu ga yawanmu.